"Nawa yac ce?": Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu karanta labarai da editocinsu a gidajen rediyon Sakkwato

Assalamu alaikum, 'ya'yana da ƙannena na ɗakunan labarai.

Ina gaishe ku da aiki. Ni ma na zauna kan kujerar da kuke kai, na yi shekaru ina fassara labarai daga Turanci ina karanta su da bakina, har ido ya fara gazawa na koma gida. Yanzu aikina saurare, kuma wurin saurarena shi ne dakalin ƙofar gidan wani maƙwabcina a Mabera, inda mukan taru bayan sallar Isha'i da rediyo guda a tsakiyarmu. A nan na gane abin da ban gane ba duk tsawon zamana a gaban makirufo. Da zarar mai karatu ya shiga jero alƙaluma, sai majalisa ta yi tsit, kowa ya kasa kunne. Yana gamawa, wani dattijo da ke zama kusa da ni zai juyo ya ce, "Malam, nawa yac ce?" Sau da yawa ni ma sai in ce masa ban riƙe ba. Mutum shida ko bakwai, dukanmu da hankalinmu, cikinmu har da ɗan kasuwar da ke lissafin buhunan albasa ɗari uku da ka, amma a rasa wanda zai maimaita lamba ɗaya daga labarin da aka gama karantawa yanzun nan.

Laifin ba na kunnuwanmu ba ne. Na yi irin wannan karatun da kaina, shi ya sa na ga ya dace in rubuto muku a kan abu ɗaya tak, wato yadda ake faɗar lamba da baki har ta zauna a kan mai saurare.

Bari mu fara da lambar da kowannenku ya taɓa karantawa. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Jihar Sakkwato mutum 3,702,676. A takarda ido yana haɗiye ta lokaci guda, ya ga ukun farko, ya ga bakwai na biye da shi, ya wuce. Idan ya manta, ya dawo ya sake dubawa. To, ku faɗe ta da baki: "miliyan uku da dubu ɗari bakwai da biyu da ɗari shida da saba'in da shida." Kalma 15 ke nan, biyar daga cikinsu "da" ne, kuma kowace "da" tana gaya wa kunne cewa akwai saura. Mai saurare ba shi da damar komawa baya. Yana riƙe da "miliyan uku", sai "dubu ɗari bakwai" ta zo ya ɗora, kafin ya gyara riƙo "ɗari shida" ta iso, a ƙarshe abin da ke saura a kunnensa shi ne "saba'in da shida", wato ɓangaren da ya fi kowanne rashin amfani. Kamar mutum ne ya aiki yaro kasuwa da saƙo bakwai, ya dawo da gishiri kawai don shi aka faɗa masa a bakin ƙofa.

Akwai kuma wata matsala da harshenmu ya keɓanta da ita, wadda ba a koya wa kowa a ajin aikin jarida. "Dubu ɗari bakwai da biyu" nawa ne? Yana iya zama 702,000, yana kuma iya zama 700,002. Haka "dubu ɗari da hamsin": ɗan kasuwa zai ji 150,000, amma ɗalibin lissafi yana da hujjar rubuta 100,050. A kasuwa ba a samun rikici saboda kowa ya san kimar abin da ake ciniki, babu mai zaton sa zai tashi dubu ɗari da naira hamsin a kai. A rediyo babu wannan sanin. Saboda haka doguwar lamba, ban da wuyar riƙewa, tana iya fita daga bakinka daidai ta shiga kunnen wani a karkace.

Maganin farko shi ne dunƙulewa. Ka riƙe manyan lambobi biyu na farko, ka zubar da 'yan kai. 3,702,676 ta koma "miliyan uku da dubu ɗari bakwai", kalma shida. Abin da ka zubar mutum 2,676 ne, bai kai ɗaya cikin dubu na jimillar ba, kuma kafin a gama buga sakamakon ƙidayar ma haihuwa da mutuwa sun riga sun canza fiye da haka. Na ƙasa baki ɗaya, 140,431,790, ya koma "miliyan ɗari da arba'in". Hausa ma ta yi mana gata a nan, domin muna fara faɗar "miliyan" ko "dubu" kafin adadinsu, don haka mai saurare ya san girman abin tun daga kalmar farko. Kada mu ɓata wannan gatan da dogon jela.

Na san abin da edita zai ce, don an faɗa mini shi a zamanina: hukuma ta ba da lamba, ba mu da ikon taɓa ta. Amsata ita ce, dunƙulewa ba ƙarya ba ce muddin ka sanar da mai saurare cewa ka dunƙule, kuma Hausa tana da kalmomin yin haka, kowace da aikinta. "Kusan" tana nufin lambar gaskiya ba ta kai wadda ka faɗa ba. "Sama da", ko "fiye da", ko "da 'yan kai", suna nufin ta ɗara kaɗan. "Kimanin" da "wajen" ba su nuna ɓangare, ana sa su in kai ma kiyasi aka ba ka. Saboda haka mutanen Sakkwato a 2006 "sama da miliyan uku da dubu ɗari bakwai" ne. Wanda ya ce "kusan" a nan ya yi kuskure, ko da kuwa bambancin kaɗan ne. Kuma kullum ina jin ana cewa "kusan sama da", ko "aƙalla kimanin". Waɗannan kalmomi kishiyoyin juna ne, ba sa zama ɗaki ɗaya. Wani kuma sai ya ce "kimanin" sannan ya karanto lambar duka har zuwa saba'in da shidanta, alhali in ka san ta har ƙwayar ƙarshe babu sauran kimantawa.

Iyakar dunƙulewa ita ce kada ka wuce gona da iri. Idan ka ce Sakkwato "kusan miliyan huɗu" ce a 2006, ka ƙara mutum wajen 300,000 da ba a ƙirga ba. Gobe wani zai ji daga bakinka ya yar da "kusan" ɗin, jibi wani ya ce "sama da miliyan huɗu". Shi ya sa nake cewa lambobi biyu na farko, don ɗaya ta yi kaɗan, uku kuma sun fara nauyi.

Sai maganar ɗigo. Ban san ranar da "ɗigo" ya shigo labaran Hausa ba har ya samu wurin zama, amma a dakalinmu babu mai lissafi da shi. A ce an ware naira biliyan 2.3 don wani aiki. Mai karatu ya ce "biliyan biyu da ɗigo uku", dattijon nan nawa ya ji biyu da uku, shi ke nan. Abin da ya kamata a ce shi ne "biliyan biyu da miliyan ɗari uku". Haɗarin ya fi girma idan sifili ya shiga tsakani. Biliyan 2.05 biliyan biyu ne da miliyan hamsin, biliyan 2.5 kuwa biliyan biyu da rabi ne. Mai karatun da ke sauri ya tsallake sifilin ya ce "biyu da ɗigo biyar", ya ƙara naira miliyan 450 da harshensa ba tare da ya sani ba. Na taɓa yin irin wannan, wata rana da aka miƙo mini takarda ina tsakiyar karatu, kuma babu wanda ya kira ya gyara mini. A lokacin na ɗauka na tsira. Daga baya na fahimci cewa rashin kiran yana nufin babu wanda ya riƙe lambar tun farko.

Miliyan da biliyan kuma harafi ɗaya ya raba su, kuma a ƙaramar rediyo mai batir, ga ƙarar janareta ga babura na wucewa, "mi" da "bi" duk ɗaya ne. Amma tazarar da ke tsakaninsu ninki dubu ce. Wanda zai ƙirga naira ɗaya kowane daƙiƙa ba dare ba rana, zai gama miliyan cikin kwana 11 da rabi, biliyan kuwa sai ya shekara 31 da 'yan watanni. Don haka duk lokacin da biliyan ya fito karon farko a labari, a bi shi da fassara: "biliyan biyu, wato miliyan dubu biyu." Idan kuɗin na jiha ne baki ɗaya, a raba shi yadda mutum zai gani. Biliyan 2.3 ɗin nan, in an kasa shi daidai tsakanin ƙananan hukumomi 23, kowace za ta tashi da miliyan 100. Mutumin Isa ko Kebbe ko Gudu ya san abin da miliyan ɗari za ta iya yi a garinsu da abin da ba za ta iya ba. Sai dai a faɗa a fili cewa kai ne ka yi rabon don misali, kada a ɗauka haka gwamnati ta kasa.

Yanzu bari in ɗauki labari guda mu bi shi daga takardar hukuma har zuwa makirufo, don a nan aikin yake.

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto kan talauci mai fuskoki da yawa, wanda ba kuɗin aljihu kaɗai yake aunawa ba. Yana duba lafiya, da ilimi, da yanayin zama kamar ruwan sha da makamashin girki da matsuguni, da kuma aikin yi da tsaro. Rahoton ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin wannan hali. Ya ce kashi 65 na waɗannan matalauta, miliyan 86, suna Arewa, miliyan 47 kuma suna Kudu. A karkara kashi 72 ne, a birane kashi 42. Jihar da ta fi kowace yawa ita ce Sakkwato da kashi 91, mafi ƙaranci kuma Ondo da kashi 27.

Ku ƙirga, lamba tara ke nan ban da shekara. Mai fassarar da ke tsoron edita zai zuba su duka cikin minti ɗaya, kuma kashi 63 da kashi 65 za su cakuɗe, domin suna kama a kunne alhali abubuwa daban suke aunawa: ɗaya kason matalauta ne cikin 'yan ƙasa, ɗaya kason Arewa ne cikin matalautan. Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, in mai saurare zai tashi da lamba ɗaya rak, wacce nake so ta zama? A gidan rediyon Sakkwato amsar a bayyane take, 91 ce. Ita ce uwar labarin. Za ta buƙaci abokiyar gwaji guda don a san ko babba ce ko ƙarama, wato ta ƙasa baki ɗaya. Ta Ondo tana iya shiga sau ɗaya don nuna tazara. Sauran su jira shirin tattaunawa inda akwai lokaci.

Daga nan sai a mayar da kashi ya zama mutane. "Kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari" daidai ne, amma "mutum tara cikin kowane goma" ana ganin sa da ido: sahu guda na mutum goma, ɗaya ne kawai ya tsira. Kashi 63 fa? A nan ne da yawa ke zamewa. Abin da ke zuwa baki da sauri shi ne "biyu cikin uku", don yana da daɗin faɗi. Amma biyu cikin uku ya kusa kashi 67, kuma a ƙasa mai yawan jama'a irin tamu, wannan ɗan bambancin ya haura mutum miliyan 7. "Sama da shida cikin goma" ya fi kusa da gaskiya, kuma yana da wata fa'ida: ma'auninsa ɗaya da na Sakkwato. Tara cikin goma a nan, shida cikin goma a ƙasa, uku ba ta cika ba a Ondo. Mai saurare bai buƙatar canza mudu a tsakiyar awo. Idan ka ce "tara cikin goma" sannan "biyu cikin uku" sannan "kashi 27", ka auna masa hatsi ɗaya da tiya da mudu da gwangwani, ka bar shi da aikin daidaitawa.

Ga yadda ni zan rubuta shi don karatu:

"Mutum tara cikin kowane goma a Jihar Sakkwato suna fama da talauci ta fuskar lafiya, ilimi, yanayin zama ko aikin yi. Wannan na cikin rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Abuja. Rahoton ya ce kashi casa'in da ɗaya cikin ɗari na mutanen jihar, wato tara cikin goma, abin ya shafa, kuma babu jihar da ta kai haka. A ƙasa baki ɗaya, sama da mutum shida ne cikin goma, jimilla miliyan ɗari da talatin da uku. A Ondo, inda abin ya fi sauƙi, ba su cika uku cikin goma ba. A Sakkwato kuwa, in ji hukumar, tara ne cikin goma."

Ku lura da inda "tara cikin goma" ta fito: a farkon labari, a tsakiya manne da lambar hukuma, da kuma a ƙarshe. Na farko yana buɗe kunne, don mutum bai shirya ba, wataƙila yana zuba shayi. Na biyu shi ne wanda yake ji da gaske, kuma a nan ne ake ba da ainihin lambar sau ɗaya don wanda ke son ya rubuta, da kuma don kare gidan rediyo daga zargin sauya alƙaluma. Na uku shi ne wanda zai tafi da shi gida.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku tuna wurin ɗaurin aure. Waliyyi ya faɗi sadaki a hankali, liman ya maimaita, sannan sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya ya sanar da na bayan taro, adadi kaza, lakadan ba ajalan ba. Ba ya canza adadin, ba ya yi masa ado, kuma ba wanda ke barin wurin bai san nawa aka biya ba. Haka malamin allo ke biya wa almajiri, da lafazi ɗaya, har ya zauna. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne rashin canza lafazi. A makaranta an koya mana cewa maimaita kalma rauni ne a rubutu, sai mu yi ta neman wata hanyar faɗa. A lamba wannan ɗabi'a ɓarna ce. Idan ka ce "tara cikin goma" a farko, "sama da kashi casa'in" a tsakiya, "kusan kowa da kowa" a ƙarshe, mai saurare zai zaci lambobi uku ka ba shi. Ka zaɓi siga ɗaya ka tsaya a kanta. Kuma ka ɗan dakata kafin lambar da bayanta, kamar rabin numfashi, don ta samu fili. Yawancinku kuna ƙara sauri daidai wurin lamba, kamar mai tsallake kwata, alhali nan ne wurin rage gudu.

Maimaitawa tana da nata haɗari, kuma wajibi ne in faɗa. Abin da aka maimaita yana zama, ko daidai ne ko kuskure. Yana kuma zama tsirara, ba tare da shekararsa ko ma'anarsa ba. Har yau akwai masu cewa mutanen Sakkwato miliyan uku da dubu ɗari bakwai ne, sun manta cewa yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar sun isa aure. "Tara cikin goma" ma haka za ta yi yawo a majalisu ta koma "tara cikin goma ba su da abin da za su ci", wanda ba shi rahoton ya ce ba. Saboda haka duk lokacin da za a maimaita lamba a wani labari na gaba, a ɗaura mata abu biyu a wuya, shekara da mai ita: "a ƙidayar 2006", "in ji rahoton 2022".

Wani misali da ya nuna haka sosai shi ne hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta ce a Disamban 2024 ya kai kashi 34.80, sai ta ce na Janairun 2025 kashi 24.48 ne. A dakalinmu aka yi ta musu, wasu na cewa rediyo ta ce kaya sun sauko, ga shi kuwa ba su gani a Tsohuwar Kasuwa ba. Dunƙulewar a nan mai sauƙi ce, kusan 35 da kuma 24 da rabi. Abin da ya ɓace shi ne ma'ana. Kashi 35 na nufin abin da ka saya naira 1,000 bara war haka, bana ya zama kimanin 1,350. Kashi 24 da rabi na nufin ya zama kimanin 1,245. Duka biyun tashi ne, gudun tashin ne ya bambanta. Ban da haka, a lissafin Janairun nan hukumar ta sabunta ma'aunin nata, ta mayar da shekarar da take gwaji da ita daga 2009 zuwa 2024, don haka lambobin biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Wanda ya maimaita "ya sauko da kashi goma" sau uku ya dasa kuskure sau uku. Naira dubun nan ita ya kamata a maimaita.

Sai wuraren da ba a dunƙulewa ko kaɗan, kuma babu wanda ya kai mu Sakkwatawa sanin wannan. A zaɓen gwamna na 2019, bayan zagaye na biyu da aka yi ranar 23 ga Maris, Aminu Waziri Tambuwal ya samu ƙuri'a 512,002, Ahmad Aliyu ya samu 511,660. Ku gwada dunƙule su. Da lambobi biyu na farko, kowa ya samu dubu 510. Ko da uku ka riƙe, kowa ya samu dubu 512. Dunƙulewa ta cinye labarin ɗungurungum, domin labarin yana cikin 'yan kan da ka zubar: tazarar ƙuri'a 342. A irin wannan, uwar labarin ita ce tazarar, ita za a faɗa da farko a kuma maimaita: "da ratar ƙuri'a ɗari uku da arba'in da biyu." Sannan a karanta jimillar kowane ɗan takara cikakkiya, a hankali, sau biyu. Kuma a nan ne matsalar da na ambata ta "da biyu" ke iya tayar da fitina, don 512,002 in ka ce "dubu ɗari biyar da goma sha biyu da biyu" ba a san inda biyun ƙarshe ta dosa ba. Sai ka sa sunan abin da ake ƙirgawa a tsakani ya zama shinge: "dubu ɗari biyar da goma sha biyu, da ƙuri'a biyu."

Hanyar ganewa ita ce ka tambayi kanka, akwai wanda zai yi aiki da wannan lambar kai tsaye? Kuɗin kujerar Hajji da maniyyaci zai je ya biya, kuɗin rajistar jarrabawa, ranar rufe karɓar takardu, lambar wayar da za a kira, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, duk waɗannan ana faɗar su yadda suke, a maimaita su yadda suke. Haka adadin waɗanda suka rasu a hatsarin kwalekwale ko harin 'yan bindiga, in an tabbatar da shi. Idan mutum 19 ne, 19 ne, ba a cewa "kusan ashirin", domin kowane ɗaya yana da gida da ake zaman makoki. Idan kuma ba a tabbatar ba, "aƙalla" ita ce kalmar, tare da sunan wanda ya faɗa.

Wani ƙaramin tarko ga editoci: kada a dunƙule sannan a tara. In kana da kaso uku da jimillarsu, ka dunƙule kowanne daga lambarsa ta asali, jimillar ma daga tata. Wani lokaci za ka ga dunƙulallun ba su haɗu sun ba da jimillar ba, misali kashi 33 sau uku ya ba da 99. A takarda ana sa ɗan bayani a ƙasa. A rediyo babu ƙasa, kuma akwai mai shagon da ke tarawa da ka yana jiran ya kama ku. Mafita ita ce a faɗi jimilla da babban kaso ɗaya, a bar sauran.

Abin da nake roƙo a wurinku, shugabannin ɗakunan labarai, ba ya cin ko kwabo. A daina miƙa wa mai karatu takarda da lamba a rubuce da alƙaluma. Mai fassara ya rubuta ta da kalmomi, daidai yadda za a furta, domin duk wanda ya tsinci 3,702,676 a tsakiyar layi yana kan iska, dole ya tsaya ya ƙirga waƙafi da ido, kuma a nan ake mayar da miliyan biliyan. Idan mai fassara ya ga kalmomin sun cika layi guda, ya san lambar ta yi tsawo tun kafin ta kai ga makirufo. A ja layi ƙarƙashin uwar labarin don mai karatu ya san inda zai rage gudu. Ainihin lambar hukuma kuma a ajiye ta a gefen takarda, ko a sa ta a shafin gidan rediyon inda ido zai same ta.

Kafin a shiga ɗakin watsa labarai, a samu wani wanda bai ga takardar ba, mai gadi ko direba ko mai kawo shayi, a karanta masa labarin sau ɗaya da irin saurin da za a karanta a iska. A ɗan ja shi da wata hira ta minti biyu, sannan a tambaye shi nawa aka ce. In ya faɗi lambar da abin da take aunawa, a shiga da labarin. In ya sosa ƙeya, a koma a rage lambobi, a sake gwadawa da wani.

Ni dai ina nan dakalin Mabera bayan Isha'i, dattijon nan yana gefena, rediyo tana tsakiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon mai karanta labarai,
Mabera, Sakkwato.